Yadda ake rubuta takardar rantsuwa ga kamfanin asuransi ba tare da ƙirdado ba

Kwana tara bayan gobara ta cinye shagon atamfar kawuna a Zango, kamfanin asuransi ya aiko masa da wasiƙa mai tambayoyi shida, aka ce ya amsa a rubuce bisa rantsuwa, ya kai a buga masa hatimin tabbatar da sa hannu. Da yake na yi shekaru ina cika wa mutane irin waɗannan takardu a nan Damagaram, bayan la'asar ya aiko a kira ni. Na iske shi a zaure da takarda a hannu, ya riga ya shirya amsarsa a ka: kuran ne ya dawo da ƙarfi ya tada wutar, atamfa kuwa za ta kai turmi 200, kuma yana zargin wani yaron shago da ya sallama.

Duk cikin ukun nan babu wanda ya gani da idonsa. Ba maƙaryaci ba ne, shi ma ya gaskata abin da yake faɗa. Amma da an rubuta haka, da ya rantse a kan abu uku da bai sani ba, biyu daga ciki ma suna karo da juna.

Ka fara gane abin da ake nema

Da an ce rantsuwa, hankalin mutanenmu yakan tafi ga alwala da dafa Alƙur'ani a gaban alƙali ko a fada. Abin da kamfanin asuransi, wato inshora a bakin mutanen Kano, yakan nema daban ne. Takarda ce da za ka bayyana abin da ya faru, ka ce ka tabbatar bisa mutuncinka gaskiya ne, ka sa kwanan wata, ka sa hannu. Wani lokaci sukan ce a yi ta gaban noter ko usiye, wato ma'aikatan shari'a masu tabbatar da takardu. Wasiƙar ce za ta gaya maka wanne suke so, don haka ka karanta ta sau biyu, ka ja layi a kan abu uku: tambayoyin da aka yi, ranar da ake son amsa, da kuma inda za a tabbatar da sa hannun.

Kada ka haɗa ta da sanarwar farko. Dokar asuransi da Nijar ke aiki da ita, wadda ake kira dokar Sima, ta fito daga yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma ta soma aiki a 1995. Aya ta 12 ta ce mai asuransi ya sanar da kamfani asarar da ta same shi cikin wa'adin da kwantiragi ya yanke, wanda ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba, sata kuwa awa 48. Wannan sanarwa kawuna ya riga ya kai ta kwana biyu bayan gobarar. Takardar rantsuwa tana zuwa ne daga baya, kuma ba don ta tsaya ita kaɗai ake nemanta ba. Za a shimfiɗa ta a tebur ɗaya da sanarwar farko, da bayanin da ka yi a komisariya, da rahoton ƴan kwana-kwana, da na ƙwararren da kamfani ya turo ya duba tokar. Aikin mai duba dosiye shi ne ya ga ko suna magana ɗaya.

Sai ka ɗauko kwantiragin ka nemi wurin da aka yi maganar ƙarya a bayanin asara. Galibi akwai sharaɗin da ke cewa wanda ya yi ƙarya da gangan a kan ranar, ko dalilin, ko girman asarar, ya rasa hakkinsa duka a kan wannan asara, ba abin da ya ƙara kaɗai ba. Doka ta ce a buga irin wannan sharaɗi da baƙaƙen da suka fito fili, saboda haka ba ya wuyar gani.

Tara takardu kafin ka tara magana

Na ce wa Kawu yau ba za mu rubuta ko layi ɗaya ba. Abin da muka yi shi ne tattara kwafin sanarwar farko, da takardar komisariya, da rasiɗan kayan da ya saro a Kantin Kwari, da takardun duwan, da littafin ciniki. Littafin atamfa ya tsira don a aljihu yake kai shi gida kullum. Na shadda ya ƙone a durowa.

Salula ma shaida ce. Kawu ya ce mai gadi ya kira shi wajen ƙarfe goma sha biyu na dare. Da muka buɗe jerin kira, sai ga 01:17. Bambancin awa guda da wani abu ba komai ba ne a hira, amma a takardar rantsuwa yana iya zama tambaya: ina kake cikin wannan awar? Muka ɗauki hoton allon tun kafin sababbin kira su ture shi.

Raba abin da ke kanka gida huɗu

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci. Ka samu farar takarda ka ja layi, ka raba ta huɗu. Gida na farko, abin da na gani ko na yi da kaina. Na biyu, abin da aka gaya mini, da wanda ya gaya mini, da yaushe. Na uku, abin da na ƙiyasta, da abin da na dogara a kai. Na huɗu, abin da ban sani ba. Kowace magana da ta fito daga bakinka sai an nema mata gida kafin ta shiga takardar gaskiya.

Ga yadda muka yi da maganar kuran.

Na ce, «Kawu, da wutar ta tashi kuna ina?»

Ya ce, «Ina gida mana, ina barci.»

«To wa ya ce muku kuran ne?»

«Kai ɗan nan, duk layin sun sani. An ɗauke wuta, da ta dawo sai ga hayaƙi.»

«A cikin duk layin, wa ya gaya muku da bakinsa?»

Ya yi shiru, sannan ya ce mai gadi. Mai gadin kuma, da aka kira shi, bai ce ya ga tartsatsi ba. Cewa ya yi an maido wuta, bayan ɗan lokaci ya ji ƙauri, ya zagaya ya ga hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofa. Sauran duk ƴan layi ne suka ɗinke.

Abin da muka rubuta a ƙarshe shi ne: «Na rufe shago bayan sallar isha'i, na kashe fitila da fanka, na sa kwaɗo biyu. Da ƙarfe 1:17 na dare mai gadin layin ya kira ni ya ce hayaƙi na fita daga shagona. Da na isa na iske wuta ta kama rufi. Washegari mai gadin ya gaya mini cewa an maido kuran kafin ya ji ƙauri. Ban san abin da ya tada wutar ba.»

Kawu bai so layin ƙarshen ba. Gani yake wanda ya ce bai sani ba kamar yana ɓoye wani abu. Na nuna masa cewa akasin haka ne ke jawo tuhuma. Gano musabbabin gobara aikin ƙwararre ne, wanda zai bi waya, ya duba inda ƙuna ta fi zurfi. In ka rantse kuran ne, shi kuma ya gano wutar ta taso daga kusurwar da babu waya, to ka zama mutumin da ya rantse a kan abin da ba haka ba, kuma za a fara duban lissafin kayanka da wannan idon. In kuma ya yarda da kai, akwai kwantiragin da ya ware lalacewar kayan lantarki daga sharaɗin gobara, sai ka ga ka buɗe wa kanka gardamar da ba wanda ya tambaye ka. Aya ta 11 ta dokar Sima ta ɗora wa kamfani nauyin kawo hujja in yana ganin da gangan ka jawo asarar. Ba a kanka yake ba ka kawo wa wutar dalili don ka wanke kanka.

Maganar yaron da aka sallama kuwa, ban bari ta shiga ba, domin ba ta da gida ko ɗaya cikin huɗun. Kawu bai gan shi a wurin ba, ba wanda ya ce ya gan shi, bai taɓa yin barazana ba. Zato ne kawai da zafin rai. Rubuta sunan mutum a takardar da za ta iya kaiwa gaban alƙali, ba hujja, yana iya juyowa ya zama ƙarar ƙazafi a kanka. Kuma ka lura, wanda ya ce kuran ne a layi na uku, ya ce yaro ne a layi na shida, ya nuna da kansa cewa lalube yake. Da yaron ya taɓa cewa zai ƙona shagon a gaban mutane, wannan abu ne da ya faru, sai a faɗe shi da rana da waɗanda suka ji, a komisariya tukuna.

Haka nan a kiyayi maganar tawali'u. Mukan ce «laifina ne», ko «sakacina ne ya jawo», don rarrashin zuciya ko don kunyar maƙwabci. Shagon da ke jikin na Kawu ma ya taɓu, kuma Kawu yana son ya rubuta cewa ya ɗauki alhaki. Aya ta 53 ta bai wa kamfani damar sa sharaɗin cewa amsa laifin da ka yi ba da saninsa ba, ba ya hawa kansa. Ayar dai ta ce faɗin abin da ya faru a zahiri ba amsa laifi ba ne. Saboda haka «wutar ta fito daga shagona ta kama rufin maƙwabcina» ya halatta in ka gani. Wa ke da alhaki, wannan hukunci ne, ka bar wa masu shi. Jaje da zumunci a yi su a zaure.

Ƙin ƙirdado ba ɓoyewa ba ne

Tambaya ta huɗu ita ce ko akwai abu mai saurin kama wuta a shagon. Akwai. Kawu na ajiye ƙaramar jarkar esansi ta lita 5 don ɗan injinsa na wuta. Ya dube ni ya ce, tunda na ce kada a faɗi abin da ba a sani ba, ai shi bai san ko jarkar ta taka rawa ba.

Ba haka ba ne. Ba a tambaye shi ko ta taka rawa ba, an tambaye shi ko akwai ta, kuma wannan ya sani sarai. Muka rubuta: «Akwai jarka mai cin lita 5 ta esansin inji a bayan ƙofa. Na cika ta kwana uku kafin gobarar, na zuba wa inji sau ɗaya. Ban auna abin da ya rage ba.» Ba mu ce ita ta haddasa ba, ba mu ce ba ruwanta ba. Ƙonanniyar jarka ba ta ɓoyuwa ga mai tona toka, kuma wanda aka kama ya ɓoye ta ya fi wanda ya faɗa shiga uku. In kana ganin amsar gaskiya za ta iya taɓa hakkinka, misali kwantiragi ya hana ajiye mai, to ka ga lauya kafin ka sa hannu. Haka ma in an tambayi ko kana da wata asuransi a kan kayan nan a wani kamfani: doka ta wajabta ka faɗa.

Akwai kuma amsoshi uku da mutane ke cakuɗawa: «babu», «ban sani ba», da «ban tuna ba». Da aka zo kan ko ya cire cajin salula daga bango, Kawu ya ce a rubuta ya cire, don kullum yana cirewa. Na ce daren nan fa, kun tuna hannunku a kai? Ya ce a'a. Sai muka sa: «Al'adata ce in cire, amma ban tuna ko na cire a daren ba.»

Lissafin kaya

A nan ne mutanen kirki suka fi faɗawa rami, don ido yakan ga kaya da yawa bayan sun tafi. Asuransin dukiya ba ya biyan fiye da ƙimar abin a lokacin da ya salwanta, aya ta 31 ke nan, kuma ƙari a kan adadi shi ne abin da aka fi kamawa.

Maimakon turmi 200 na ka, muka bi littafi. Ƙidayar da ya yi kafin azumi ta nuna turmi 140. Bayan nan ya saro 60 a Kano, ga rasiɗi, ya zama 200, kuma daga nan adadin ya maƙale masa a kai. Amma littafin ya nuna ya sayar da 85 zuwa ranar gobarar. Saura 115. Maƙwabta sun fitar da 12 lafiya lau, suna ɗakinsa a gida. Abin da ya ƙone ke nan 103. Da ya rantse a kan 200, da ya kusa ninka asarar ba tare da niyyar cuta ba, kuma littafinsa na kansa ne zai ƙaryata shi. Turmi 12 ɗin nan dole a ambace su, domin duk wanda ya taya ɗauka shaida ne.

Kan kuɗi, mun rubuta farashin sari, ba na sayarwa ba. Tsofaffin kayan an saye su jika 9 kowane turmi. Na Kano kuwa rasiɗinsu da naira yake, sai muka sa adadin nairar yadda yake da ranar sayen. Ba mu juya shi zuwa sefa da canjin da muka tuna ba, tunda canji na yau daban da na wancan mako. Muka haɗa kwafin rasiɗin, juyawar a yi ta a tebur da ƙwararren.

Shadda ce ta shiga gida na uku. Littafinta ya ƙone, amma ba za a ce ba a san komai ba. Ƙiyasi ya halatta in ka kira shi da sunansa, ka ba da iyaka biyu, ka faɗi madogara. Muka rubuta: «Littafin shadda ya ƙone. Ƙiyasina tsakanin 30 da 40 ne, domin kanta biyu take ci, kowace kanta tana ɗaukar kusan 20, kuma ta biyun ba ta cika ba. Na nemi kwafin rasiɗi daga wanda na saya a wurinsa, zan kawo in ya iso.» In za ka nemi irin wannan kwafi, ka ce a rubuta a jikinsa cewa kwafi ne, da ranar da aka yi shi. Sabon rasiɗi da aka sa wa tsohon kwanan wata takardar jabu ce ko da cinikin gaskiya ne, kuma daga nan magana ta tashi daga ofis ta koma ta zamba.

Wurin juyawa zuwa Faransanci

Ko da yake an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, takardun asuransi da Faransanci suke zuwa, kuma da shi ake amsawa. Mafi yawan ƴan kasuwarmu faɗa suke yi wani ya rubuta. A wannan gaɓar ce ƙananan kalmomi ke zubewa. Ka ce «ina jin wajen turmi talatin», mai rubutu ya sa 30 cak. Ka ce «wai an maido wuta», ya jefar da «wai» ɗin, sai jita-jita ta zama shaidarka. Wasu marubutan ma sukan ƙawata magana da jimlolin da suka saba, su ce gobarar ta faru sakamakon haɗuwar waya, don haka suka ga ana rubutawa.

Maganin abin shi ne, bayan an gama, ka ba wani mutum na daban, wanda bai ji labarin daga bakinka ba, ya karanta ya mayar maka da Hausa layi-layi. Mu ɗiyar Kawu da ke jami'a muka ba, ta kuwa kama ni da kaina: na rubuta cewa ya iske ƴan kwana-kwana a wurin, alhali bayansa suka iso. Ka amsa tambayoyin da lambarsu, ɗaya bayan ɗaya, in ka gama ta shida ka tsaya. Tarihin shagon, da bashin da ake binka, da yadda kasuwa ta yi sanyi bana, in ba a tambaya ba ba su da wuri. Wanda ya rubuta don neman tausayi cewa bashi ya yi masa katutu, mai dosiye zai iya karanta shi a matsayin dalilin son kuɗin asuransi.

Sai a gwada da takardun baya. A komisariya Kawu ya ce wajen sha biyu, yanzu ga 1:17. Ba a yin shiru a kan irin wannan, ba a kuma komawa ga tsohon kuskure don magana ta zo ɗaya. Layi guda ya isa: «A bayanina na komisariya na ce wajen ƙarfe 12, daga ka. Jerin kiran salulata ya nuna 1:17, ga hotonsa.»

Sa hannu da miƙawa

Kada ka sa hannu a gida in an ce a tabbatar da shi. Ka tafi meri ko komisariya, wanda wasiƙar ta nuna, da katin ɗan ƙasa da kuɗin tambur, ka sa a gaban ma'aikacin. Hatiminsa yana shaida cewa kai ne ka sa hannu, ba ya shaida cewa abin da ke ciki gaskiya ne, wannan yana wuyanka. In takardar ta wuce shafi ɗaya, ka sa alamarka a ƙasan kowane shafi. Kada ka bar fili babu rubutu sama da sa hannun, ka ja masa layi. In ma'aikacin kamfani ne ya yi maka tambayoyi baki da baki ya rubuta, kana da damar cewa a karanta maka, a gyara, kafin ka taɓa alƙalami. Takardar da ba a cika ba kuwa, ko wa ya ce zai cika maka daga baya, kada ka sa mata hannu.

Ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan, ka koma da shi gida. In wa'adi ya matso kuma wata takarda ba ta iso ba, ka miƙa abin da ke hannu ka rubuta cewa saura na tafe, kada ka cike gurbin da zato.

In daga baya ka gano kuskure, ka gyara da kanka tun ba a gano maka ba. Kwana goma sha ɗaya bayan mun miƙa, kwafin rasiɗin shadda ya iso daga Kano. Da muka haɗa shi da abin da Kawu ya samu a saƙonnin masu saye, ragowar ta tsaya a 28, ƙasa da ƙiyasinmu. Muka rubuta gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da lambar dosiye, muka ce amsar tambaya ta biyar ƙiyasi ce kamar yadda aka nuna a ciki, yanzu ga adadi da hujjarsa, a sa 28. Kawu ya kai da kansa, aka buga masa hatimi a kwafi, ya ninke ya sa cikin littafin atamfa.